Imel ɗin da ya fi ƙarfin minti biyu: a bar shi a akwati ko a mai da shi aiki?

Dokar minti biyu ba ta da wuyar fahimta. Ka buɗe saƙo, ka tambayi kanka ko yana neman ka yi wani abu. In yana nema, kuma abin ba zai ci minti biyu ba, ka yi shi nan take. David Allen ne ya yaɗa ta a littafinsa Getting Things Done da ya fito a 2001, kuma dalilin da ya bayar na lissafi ne: ƙaramin aiki irin wannan, lokacin da za ka ɓata wajen rubuta shi da adana shi da sake duba shi ya fi lokacin yin sa. Shi kuma batun share akwatin saƙo ƙarƙaf, wanda ake kira Inbox Zero, Merlin Mann ne ya raɗa masa suna a shafinsa na 43 Folders a 2006, ya kuma yi lacca a kansa a kamfanin Google a 2007.

Inda gizo ke saƙar shi ne saƙon da ya fi ƙarfin minti biyu. Ba za ka yi shi yanzu ba, ba za ka goge shi ba, kuma ana son akwati ya zama wayam. To ina za ka kai shi? Hanyoyi biyu ne mutane suka fi bi. Wasu suna barin saƙon ya zama shi ne tunatarwa, su sa masa tauraro ko su ɗage shi zuwa wata rana. Wasu kuma suna cire aikin daga cikin saƙon, su rubuta shi a jerin ayyuka, su jefa saƙon ma'ajiya. Na bi ta farko kusan shekara biyu a ofishin da nake aikin gudanarwa, sannan na koma ta biyu, ko da yake ban bar ta farkon gaba ɗaya ba.

Bari in fara da safiyar wata Litinin, don a ga yawan saƙonnin da ake magana a kansu. Na tarar da saƙo 41. Guda 22 ba su neman komai daga gare ni: sanarwa, tallace-tallace, da waɗanda aka sa sunana kawai don in sani. Waɗannan na goge wasu, wasu na danna musu `Archive`, wato na kai su ma'ajiya, duka bai kai minti biyar ba. Guda 9 na minti biyu ne: "na gani, na gode", tura lambar wayar direba, tabbatar da cewa ɗakin taro babu kowa ranar Laraba. Guda 3 ba nawa ba ne, na tura wa masu su. Saura 7. Wato a cikin 41, bakwai ne kawai wannan zaɓin ya shafa, amma su ne aikin mako. Duk rigimar a kansu take.

Hanya ta farko daɗinta sauri. A Gmail na kwamfuta, idan ka kunna `Keyboard shortcuts` a cikin `Settings`, harafin `s` yana sa tauraro, `e` yana kai saƙo ma'ajiya, `b` yana buɗe `Snooze`, wato ɗage saƙo zuwa wani lokaci. Ka sa tauraro, ka danna `e`, saƙo ya bar akwati, yana jiranka a `Starred`. Ko daƙiƙa uku bai kai ba. A waya ma haka, ɗan taɓawa da ɗan shafawa. Ba ka buƙatar wata manhaja, ba ka rubuta komai, kuma duk abin da aka maƙala wa saƙon yana nan tare da shi. A Outlook tuta ce a madadin tauraro.

Aibinta ba ya bayyana a makon farko. Tauraro yana gaya maka cewa akwai wani abu a nan, amma ba ya gaya maka ko mene ne. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan kansa `Re: Fwd: Urgent` ne. Sai ka buɗe, ka gangara ƙasan amsoshi huɗu, sannan ka gano cewa oga yana son takardun farashi uku na gyaran janareta kafin Alhamis. Idan tauraro kawai na sa, ranar Talata zan ga `Re: Fwd: Urgent` a jerin, in sake buɗewa, in sake karantawa, in sake tunanin ta ina zan fara. Tunanin da na riga na yi ranar Litinin ya tafi a banza, domin ban rubuta sakamakonsa ko'ina ba. Saƙo bakwai ana iya jurewa. Da suka kai talatin da wani abu, sai na lura ina buɗe `Starred` in rufe ba tare da na taɓa ko ɗaya ba. Akwatina fes, amma tulin yana nan, ɗaki kawai na sauya masa. Wannan ita ce alamar da za ka gane hanyar ta gaza: jerin taurari ya wuce abin da allo ɗaya ke nunawa, kuma na can ƙasa sun haura mako biyu.

Akwai masu ƙoƙarin gyara wannan da launuka. Gmail yana da taurari da alamomi iri 12 da ake kunnawa a `Settings`, ja don gaggawa, shuɗi don karatu, da sauransu. Na gwada. Bayan wata guda na manta abin da shunayya ke nufi, kuma a waya tauraro rawaya kaɗai nake iya sakawa.

`Snooze` kuwa daban yake, bai kamata a yi masa kuɗin goro da tauraro ba. Gmail ya shigo da shi a 2018. Kana zaɓar rana da lokaci, saƙon ya ɓace, ya dawo saman akwati a lokacin. Akwai irin saƙon da wannan ya dace da shi ƙwarai: wanda babu abin da ya hana a yi shi sai lokaci. Biyu daga cikin bakwai ɗina haka suke. Ɗaya fom ne da ba za a buɗe shafin cike shi ba sai ranar 15 ga wata. Ɗaya kuma tikitin jirgin wani baƙo ne da zan buƙata safiyar Juma'a don in san lokacin tura mota. Babu abin rubutawa a kansu, saƙon kansa shi ne abin da nake buƙata a ranar. Na ɗage su, na manta da su da zuciya ɗaya.

Amma ɗagewa tana da daɗi fiye da kima. Saƙon da ba ka son fuskanta, danna biyu ya tafi gobe. Goben ta zo, danna biyu ya tafi Litinin. Akwati wayam kullum, kai kuma kana jin kamar kana aiki. Na taɓa ɗage wata buƙata ta akantarmu sau huɗu, ta haɗa rasit na wata tafiya, har ta tako da kanta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, rasit ɗin nan sai na rufe littafi za ka kawo?"

"Hajiya, wallahi yana raina."

"A ranka ba ya shiga lissafi. Kawo min kafin la'asar."

Da na zauna na duba, ashe abin da ya sa nake ture shi, rasit biyu suna hannun direba ne, kuma ban taɓa tsayawa na ce wa kaina "kira direba" ba. Kullum saƙon ya dawo sai in ga dutse, alhali matakin farko kiran waya ne na minti ɗaya. Tun daga ranar na sa wa kaina iyaka: saƙon da na zo ɗage shi karo na biyu, ba lokaci yake jira ba, shawara yake jira.

Wannan ya kai mu hanya ta biyu. A Gmail, kana buɗe da saƙo ka danna `Shift + t`, ko ka zaɓi `Add to Tasks`, sai ya shiga Google Tasks da ke gefen dama, ɗauke da mahaɗin da zai mai da kai kan saƙon. A manhajar waya yana cikin ɗigo ukun nan na sama. A ɓangaren Microsoft, saƙon da ka sa wa tuta yana bayyana a jerin `Flagged email` na manhajar To Do, in dai asusun na Microsoft ne, kamar Outlook.com ko na ofis da ke kan Microsoft 365.

Sai dai ga tarkon da yawancin mutane ke faɗawa. Manhajar kan ɗauki kan saƙon ta mai da shi sunan aikin. Idan ka bar shi haka, jerin ayyukanka zai ƙunshi `Re: Fwd: Urgent`, ka ga ba ka tsinana komai ba, an gudu ba a tsira ba. Duk amfanin hanyar yana cikin daƙiƙa talatin ɗin da za ka goge wannan kan ka rubuta abin da hannunka zai yi. Allen ya nace a kan wannan: a rubuta mataki na gaba, wanda ake iya gani ana yi, ba sunan matsalar ba. "Janareta" ba aiki ba ne. "Gyaran janareta" ma ba aiki ba ne a wurina, tunda ba ni zan riƙe sifana ba. Ga abin da na rubuta ranar:

Kira masu gyara uku su zo su duba janareta, Litinin da rana.
Karɓi takardun farashi, Laraba.
Tura wa oga ukun a saƙo ɗaya, Laraba da yamma.

Saƙo ɗaya ya haifi ayyuka uku masu ranaku daban-daban. Tauraro ba zai iya wannan ba, `Snooze` ma ba zai iya ba, domin su saƙo suka sani, ba aiki ba. Kuma a nan na gano wani abu da zai wuce ni in da tauraro na sa: in ana son takardu ranar Alhamis, kiran na yau ne, domin mai gyara ba ya ba da farashi sai ya ga inji da idonsa. Wa'adin da ke cikin saƙon Alhamis ne, amma wa'adin gaske Litinin da rana ne. Rubutawar ce ta fito da shi.

Fa'ida ta biyu ita ce jerin ayyuka ba ruwansa da ƙofar da aiki ya shigo. A ofishinmu rabin abin da ake nema a wurina ba ta imel yake zuwa ba. Wani ta WhatsApp, wani a bakin masallaci bayan azahar, wani oga ya leƙo ya ce "af, kar ka manta da maganar nan". In taurarin imel ne jerin ayyukana, waɗannan ba su da wurin zama, sai dai in riƙa tura wa kaina imel, abin da na yi na wani lokaci kuma ban ba kowa shawarar yi ba. Wanda ke da jeri ɗaya yana iya duba shi da safe ya ga dukkan abin da ke kansa, ya zaɓi na farko, ba tare da ya buɗe akwatin saƙo ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk lokacin da ka shiga imel don ka duba aikin da ke jiranka, sabbin saƙonni ne ke fara yi maka maraba, kuma sabo kullum ya fi tsoho jan hankali.

Ita ma wannan hanyar da kuɗinta. Kowane saƙo yana cin kusan minti ɗaya maimakon daƙiƙa uku. Wuri biyu kake kula da su maimakon ɗaya. Kuma jerin da ba a dubawa ya fi tauraro haɗari, domin saƙon ya riga ya bar akwati, babu abin da zai sake tuna maka shi. Mai tauraro aƙalla kullum yana cikin imel, idonsa zai iya faɗawa kai. Mai jerin da ya yi kwana huɗu bai buɗe ba, ayyukansa sun shiga rijiya. Alamar gazawarta ke nan: ka fara barin saƙonni a akwati "don kar in manta". Ma'anarsa ka daina yarda da jerinka. Maganin ba sabuwar manhaja ba ce. Dubawa ce kowace safiya kafin a buɗe imel, da zama na kamar minti ashirin sau ɗaya a mako, ni nawa Juma'a da safe, a goge abin da ya mutu, a gyara ranakun da suka wuce.

Wani kuskuren kuma shi ne sa wa kowane aiki rana. Google Tasks yana nuna masu rana a kan kalanda, abin sha'awa ne, har sai ka wayi gari da aiki goma sha biyu duk "na yau", waɗanda tara daga cikinsu kai ka ƙirƙiro musu ranar. Daga nan ido ya saba da ganin wa'adi ya wuce, ranar gaske da ta ƙarya su zama ɗaya. Rana ta abin da zai lalace ne in ta wuce. A kalanda kuwa, abin da ke da sa'a tsayayya kaɗai nake sakawa. Cikin bakwai ɗina ɗaya ne haka, taron ƙarfe 11 na ranar Laraba. Sauran huɗun, har da na janareta, jeri suka tafi.

A kula da bambancin `Archive` da `Delete` a nan, domin na ga wanda ya yi kuka da shi. `Archive` yana cire saƙo daga akwati ne kawai, yana nan a `All Mail`, bincike zai fito da shi, kuma in wani ya amsa, zai dawo akwati da kansa. `Delete` yana kai shi `Trash`, inda Gmail ke share shi bayan kwana 30. Saƙon da ka mai da aiki ma'ajiya ake kai shi, ba shara ba, in ba haka ba wata rana ka danna mahaɗin ka tarar babu kowa a gida. A Outlook abin ya fi tsanani, domin tutar a jikin saƙon take: ka goge saƙon, aikin ya bi shi.

Littafin rubutu fa? Jeri ne shi ma, kuma ba ya neman caji ko data. Na san wata sakatariya da ta fi ni tsari nesa ba kusa ba, da biro da littafi mai bango mai ƙarfi take aikinta. Abin da ta rasa mahaɗi ne kawai, sai take rubuta sunan mai saƙo da kwanan wata a gefen aikin, in ta tashi nema ta rubuta `from:` da sunan a wurin bincike. Abin da ke raba hanyoyin biyu ba manhaja ba ce. Tambayar ita ce ko ka rubuta matakin da kalmominka ko ka bar shi a binne cikin saƙon wani.

Saƙonni ukun da na tura wa wasu ma suna da nasu ramin. Turawa ba gamawa ba ce, in dai kai za a tambaya. Ina sa musu lakabi `Jira` kafin in kai su ma'ajiya, in duba lakabin ranar Juma'a. A nan kam hanyar farko ta fi sauƙi, domin abin da nake buƙata saƙon da na tura ne da ranar da na tura shi, kuma duka suna jikinsa.

Ita kanta dokar minti biyun tana ruɗi, kuma hakan yana shafar yawan abin da ke isa jeri. Saƙo yakan yi kama da na minti biyu: "Turo min adadin kujerun da muka saya bara." Ka ce yanzu-yanzu. Ka buɗe fayil, ka tarar adadin bai dace da na rasit ba, ka kira sito, minti ashirin da biyar sun tafi, saƙo talatin suna jira. Gwajin da nake yi kafin in fara: in amsar tana kaina ko tana cikin saƙon, ta minti biyu ce. In sai na buɗe wani fayil, ko na tambayi wani, ko na yanke shawarar da za a iya tuhumata a kanta, jeri za ta. Allen da kansa bai ɗauki biyun a matsayin wahayi ba. Ya ce mai sarari yana iya kai ta minti biyar ko goma, wanda ke cikin sauri ya rage ta. Sannan dokar ta lokacin tace saƙonni ce, ba ta duk sanda waya ta yi ƙara ba. Wanda ke amsa kowane ƙaramin saƙo da zarar ya shigo yana bin harafin dokar, amma yininsa ya tafi a gutsuttsure. Ni sau uku nake zama: da safe, bayan azahar, da kafin tashi. Zaman Litinin ɗin nan na saƙo 41 ya ci kusan minti 35, na sauran ranaku ba ya kai rabin haka. Mann ma ya bayyana cewa sifirin da yake nufi a Inbox Zero ba adadin saƙonni ba ne, yawan lokacin da hankalin mutum ke maƙale a akwatin ne.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? In saƙonnin da suka fi minti biyu ba su wuce uku ko huɗu a rana ba, yawancinsu mataki ɗaya ne, kusan duk aikinka ta imel yake zuwa, kuma a waya kake yin komai, tauraro da `Snooze` sun ishe ka. Buga rubutu a ƙaramin allo don aikin da za ka gama gobe wahala ce kawai. Ka dai riƙe iyaka biyu: taurari kar su wuce goma, kuma kar a ɗage saƙo sau biyu. In kuwa saƙo ɗaya yakan haifar maka matakai da yawa, ko aiki yana zuwa maka ta baki da ta WhatsApp, ko akwai mutanen da albashinsu ko tafiyarsu ke jiran ka motsa, to jeri za ka yi, ka bar `Snooze` ga tikiti da fom da makamantansu. Wace manhaja? Wadda ke manne da imel ɗinka: mai Gmail ya fara da Google Tasks, mai Outlook da To Do. Duka kyauta ne, kuma danna ɗaya ke raba su da saƙon.

Saura mai saƙo dubu huɗu a akwati, wanda duk wannan bayani zai zame masa tatsuniya. Kar ka ce za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A kwamfuta, rubuta wannan a wurin bincike na Gmail:

```
in:inbox older_than:30d
```

Danna akwatin zaɓar duka da ke sama, sannan ka danna layin `Select all conversations that match this search` da zai bayyana, in ba haka ba shafin farko kawai zai ɗauka. Danna `Archive`. Babu abin da ya goge, duk suna `All Mail`. Abin da ya rage na kwana 30 ne, shi za ka zauna ka tace, daga sama zuwa ƙasa ba tsallake. Ni nawa ya rage 260 da ɗoriya, ya ci min yammacin Asabar biyu, kuma aiki 19 na fitar daga ciki, uku daga cikinsu sun riga sun makara, sai haƙuri na bayar.